Darasi na Tara: Rage Nauyin Saƙon Murya Ba Tare da Magana Ta Dushe Ba

A Malanville ciniki mai yawa da baki ake yinsa ta waya. Dillalin albasa yana aika wa ubangidansa da ke Gaya farashin safiya, direban da ya taso daga Parakou yana sanar da inda ya iso, mai shinkafa tana faɗa wa ƙanwarta a Kandi buhu nawa za a ɗora. Mutane da yawa suna jin Dendi da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci amma ba su saba rubuta su ba, don haka danna makirufo ya fi musu sauƙi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, da aka rufe iyaka, motoci suka daina bin gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, mutane da kaya suka koma kwale-kwale, sai abin da a da ake tsallakawa a faɗa ido da ido ya koma saƙon murya. Matsalar da kowa ya sani ita ce saƙon da ke ta juyawa a allo ya ƙi tafiya. A ƙarshen wannan darasi za ku iya lissafa nauyin saƙo kafin ku tura shi, ku rage shi, kuma ku san iyakar da in aka wuce ta magana ke lalacewa.

Daga ina nauyin yake zuwa

Abu biyu ne kawai ke haifar da nauyin fayil na sauti: tsawon maganar, da yawan bayanan da waya ke ajiyewa a kowane sakan ɗaya. Wannan na biyun shi ne lambar da kuke gani a allo da alamar kbps ko kbit/s, wato kilobit a sakan. Ƙarfin murya ba ya cikin lissafin. Wanda ya yi raɗa da wanda ya ɗaga murya, in rikoda ɗaya suka yi amfani da ita na minti ɗaya, nauyin fayilolinsu kusan ɗaya ne.

Shi kuwa nauyin fayil da kilobait da megabait ake auna shi. Wayar da aka saita da Faransanci tana rubuta Ko da Mo, wadda ke kan Turanci tana rubuta KB da MB. Kilobait ɗaya kilobit 8 ne, megabait ɗaya kuma kilobait 1000 ne a lissafinmu na aji. To ga ƙa'idar:

```
Ko = kbps × sakan ÷ 8
```

Rikodar da ke ɗauka a 128 kbps tana cin 128 × 60 ÷ 8, wato kilobait 960 a minti ɗaya, kusan megabait guda. Wadda ke ɗauka a 16 kbps tana cin kilobait 120 a minti ɗayan. Magana iri ɗaya ce, amma ɗayan fayil ya ninka ɗayan sau takwas. Idan kuma rikodar tana kan WAV mai ingancin faifan CD, wanda ba a matse shi ko kaɗan, lambar 1411 ce, minti ɗaya ya haura megabait 10. Wannan na masu ɗaukar waƙa a situdiyo ne, ba shi da wurin zama a saƙon kasuwa.

Ita ma hanyar data da wannan ma'auni na kbps ake auna saurinta, kuma nan ne lissafin ke yin daɗi. Ku dubi saman allo, kusa da sandunan sabis. Idan kun ga 4G ko H+, hanya a buɗe take. Idan kun ga E, wayar ta sauka kan tsohuwar hanya ta 2G, inda saurin turawa kan tsaya a 'yan gomomin kilobit a sakan, wani lokaci ma ƙasa da haka idan jama'a sun yi yawa a kan eriya ɗaya, kamar ranar da kasuwa ta cika. Saurin turawa kuma yawanci ya gaza na saukewa, shi ya sa za ku ga kuna karɓar saƙonnin wasu amma naku ya maƙale. Abin kamar lodin kwale-kwale ne: ba ka da iko a kan girman jirgin da ka samu a bakin ruwa, amma kana da iko a kan yawan kayan da ka kawo.

Misali daga rumfar albasa

Mu ɗauki wani dillali. Ubangidansa ya ce ya zagaya rumfuna ya faɗa masa halin kasuwa. Ya buɗe rikodar wayarsa, wadda ake rubuta wa Enregistreur vocal ko Dictaphone, ya yi magana ta minti huɗu, sannan ya shiga WhatsApp ya haɗa fayil ɗin ya tura. Rikodar tana kan 128 kbps. Minti huɗu sakan 240 ne, saboda haka nauyin ya zama 128 × 240 ÷ 8, wato kilobait 3840, kusan megabait huɗu. WhatsApp ba ya sake matse fayil ɗin sauti da aka haɗa ta wannan hanya, yadda yake haka yake tafiya.

A ce a wannan lokacin wayarsa tana kan E, tana turawa a 40 kbps. Don sanin lokacin da zai jira, sai ya raba 128 da 40, ya sami 3.2, ya ninka da minti huɗun: kusan minti 13. Kuma wannan in hanya ba ta yanke ba ke nan. A cikin minti 13 yana tafiya tsakanin rumfunan kwano, sabis na iya ɗaukewa sau da dama, kuma duk yankewa jira ce da sake danna kibiyar turawa.

Da a ce maganar tana kan 16 kbps, nauyinta kilobait 480 ne, kuma a kan wannan hanya mai 40 za ta wuce cikin sakan 96, wato minti ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya. Da kuma ya shirya abin da zai faɗa ya gama cikin minti biyu da rabi, nauyin kilobait 300 ne, minti ɗaya cif ya isa. Daga 3840 zuwa 300, kuma babu kalmar ciniki ko ɗaya da ta ɓata. Idan guruf ɗin 'yan kasuwa mai mutum 60 ya tura wa, kowa da datarsa zai sauke: na farkon zai ci wa jama'a kusan megabait 230 jimilla, na ƙarshen kuwa 18.

Abin riƙewa a nan shi ne a kwatanta lambobi biyu. Idan lambar kbps ta saƙo ta fi ta hanya, jiran turawa zai fi tsawon maganar kanta. Idan ta gaza ta hanya, saƙon zai isa cikin lokacin da bai kai tsawon maganar ba.

Hanya mafi sauƙi tana hannunku

Da dillalin nan ya danna makirufon da ke cikin WhatsApp kai tsaye, da bai sha wannan wahala ba. Saƙon murya na WhatsApp yana amfani da tsarin matse sauti mai suna Opus, wanda hukumar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta amince da shi a 2012. An gina shi ne don magana ta fita sarai da ƙaramin nauyi, kuma minti ɗaya na irin wannan saƙo yakan tsaya a kusa da kilobait ɗari da 'yan kai. Saboda haka ga yawancinku shawarar farko gajeriya ce: in saƙo ne za ku aika, ku ɗauke shi a cikin manhajar, kada ku bi ta rikoda. Ku ja makirufon sama ya kulle, ku yi magana, ku dakata in mota ta wuce, ku saurara kafin ku tura.

Amma akwai lokacin da dole sai rikoda: wa'azin Juma'a, taron ƙungiyar manoman shinkafa, karatun da malami ya yi wa almajirai. A nan sai a shiga Paramètres na rikodar kafin a fara, a nemi wurin Qualité. Wayoyin Samsung da yawa suna ba da zaɓi uku, 256 da 128 da 64 kbps. Ku ɗauki na ƙasa, nan take nauyi ya ragu da rabi idan aka kwatanta da 128. In akwai zaɓin Stéréo ku kashe shi. Sitiriyo layin sauti biyu ne, na kunnen dama da na hagu, alhali mai magana baki ɗaya gare shi, kuma sifikar yawancin wayoyin da za a saurara da su ɗaya ce.

Inda magana ke fara lalacewa

Wannan sashe ya fi sauran muhimmanci, domin rage nauyi ba wuya, wuyar ita ce sanin inda za a tsaya.

Waya tana ɗaukar sauti ne ta hanyar auna shi sau dubbai a kowane sakan. Lambar da kuke gani da kHz ita ke faɗin sau dubu nawa. Ƙa'idar ita ce waya ba ta iya riƙe sautin da kaifinsa ya wuce rabin wannan lamba. Idan aka auna sau dubu 8 a sakan, duk sautin da ya haura girgiza 4000 a sakan ya tafi. Irin wannan ne tsarin AMR na tsofaffin wayoyi masu madanni, kuma shi ne muryar kiran waya da muka saba ji, kamar ana magana ta bayan ƙyaure. Idan aka auna sau dubu 16, ana riƙe sauti har zuwa 8000, kuma kusan duk abin da kunne ke bukata don rarrabe kalmomi yana ciki. Abin da ya haura wannan, kamar 44.1 da 48, amfaninsa ga kiɗa ne.

Me ke zaune a can saman da ake yankewa? Baƙaƙe masu huci: s, sh, f, ts, c. Wasula da hawa da saukar murya, waɗanda Hausa da Dendi suka dogara da su ƙwarai, suna ƙasa, don haka suna jure matsi sosai. Shi ya sa saƙon da aka matse fiye da kima za ka gane muryar mai shi, ka gane ko fushi yake ko raha, amma kalmomin su cakuɗe. Abin takaici, lambobi ne suka fi shan wahala. Sittin da saba'in, talatin da tamanin, sha biyu da sha biyar, duk bambancinsu a 'yan gajerun sautuka yake. A hira ta yau da kullum ma'anar jimla tana cike giɓin, amma babu abin da zai gaya wa mai saurare ko jaka sha biyu aka ce ko sha biyar, tunda duka biyun farashi ne mai yiwuwa.

Ga ma'aunin da nake ba ɗalibai idan Opus ne kuma mutum ɗaya ke magana. A 24 kbps murya tana fita tas, ko da ɗan hayaniya a bayanta. A 16 tana fita da kyau, kuma nan ne ya kamata a zauna. A 12 ana ganewa muddin wurin shiru ne. Opus yana iya sauka har 6, amma ƙasa da 10 murya kan fara ƙarar ƙarfe, ƙarshen kalmomi ya riƙa gutsurewa. Ku duba ribar: a misalinmu na minti huɗu, sauka daga 128 zuwa 16 ya rage kilobait 3360, sauka daga 16 zuwa 12 kuwa 120 kacal ya ƙara ragewa. A ganina wannan ɗan ragi bai kai a yi cacar farashin buhu a kansa ba. MP3 kuma ba ya jure abin da Opus ke jurewa. In dole sai shi, kada a sauka ƙasa da 32.

Hayaniya ita ce babbar abokiyar gaba. Tsarin matsewa yana da 'yan kilobit ƙalilan da zai raba, kuma ba ya jefar da ƙarar janareta, domin bai san cewa ba ita ake so ba. Injin niƙa, kabu-kabu, injin kwale-kwale, iskar hunturu da ke kaɗawa a bakin kogi, duk suna cin rabonsu daga abin da ya kamata murya ta samu. Saƙon da aka ɗauka cikin ɗaki a 12 kbps yakan fi wanda aka ɗauka a tsakiyar tasha a 32 fita. Maganin kuma ba ya cin ko dala. Makirufon waya yana gindinta, kusa da ramin caji. Ku kawo shi kamar faɗin tafin hannu daga baki, a ɗan karkace gefe don hucin numfashi kada ya buge shi. Duk lokacin da kuka rage tazarar da rabi, ƙarfin muryarku a makirufo yana ninkuwa biyu, hayaniyar nesa kuwa tana nan yadda take. Ku juya wa iska baya, kada yatsa ya toshe ramin, kada kuma ku yi ihu, domin ihu kusa da makirufo yana fasa sautin, kuma fasasshen sauti ba ya gyaruwa.

Sai yadda ake tsara maganar. Gaisuwa wajibi ce, ba wanda zai ce a yar da ita, amma ana iya yinta a jimla biyu. Ku saurari wannan: "Salamu alaikum Alhaji, barka da safiya, ya iyali? Albasa yau buhu jaka goma sha biyar, ɗaya da biyar ke nan. Na riƙe buhu talatin, uku da sifili. In ka amince a ɗora kafin azahar, ranka ya daɗe." Bai kai sakan 20 ba, kowace lamba kuma an faɗe ta ta fuska biyu. In hali ya yi, a bi saƙon da rubutun lambar, 15000, wanda nauyinsa bai taka kara ya karya ba. Dogon bayani kuma gara a raba shi gida uku, kowane da batunsa, don in hanya ta yanke guda ɗaya kaɗai za a sake.

Ga wanda ke da kwamfuta

Matasan da ke tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi a memori, da sakatarorin ƙungiyoyi, su ne aka fi kawo wa manyan fayiloli. Akwai manhaja kyauta mai suna ffmpeg da ke wannan aiki da layi ɗaya. A ce fayil ɗin sunansa taro.m4a:

```
ffmpeg -i taro.m4a -ac 1 -ar 16000 -c:a libopus -b:a 16k -application voip taro.ogg
```

Guntun -ac 1 yana mayar da layin sauti ɗaya, -ar 16000 yana saita awo sau dubu 16, -b:a 16k shi ne lambar kbps, -application voip kuma yana gaya wa Opus cewa magana ce. Taron minti 30 da aka ɗauka a 128 kbps yana da nauyin kusan megabait 29. Bayan wannan umarni zai koma kimanin 3.6. Kada ku damu in lambar ba ta zo daidai wa daida ba, domin Opus yana ƙara kashewa inda magana ta yi yawa, ya rage inda aka yi shiru.

In farkon ɗaukar jan kujeru ne da gyaran murya, kuma akwai gurnanin janareta, sai a yanke a kuma tace:

```
ffmpeg -i taro.m4a -ss 00:01:30 -to 00:22:00 -af highpass=f=100 -ac 1 -c:a libopus -b:a 16k gajere.ogg
```

Wannan yana ɗaukar daga minti ɗaya da rabi zuwa minti 22, yana kuma zubar da sautin da ke ƙasa da girgiza 100 a sakan, inda gurnani da bugun iska suka fi taruwa. Ba zai cire surutun mutane ba, tunda surutu a wuri ɗaya yake zaune da muryar da ake so.

Ku tambayi wace waya za a saurara da ita. Ƙananan wayoyi masu madanni da yawa ba sa buɗe Opus, MP3 suka sani. Ga irinsu:

```
ffmpeg -i taro.m4a -ac 1 -ar 22050 -c:a libmp3lame -b:a 32k taro.mp3
```

Kullum daga asalin fayil ake matsewa, kuma a ajiye asalin. Abin da matsewa ta zubar ba ya dawowa, don haka mayar da fayil mai 16 zuwa 128 nauyi kawai zai ƙara masa. Matse abin da aka riga aka matse kuwa lalacewa ce a kan lalacewa. Mafi muni shi ne kunna saƙo a sifikar waya ɗaya a ɗauka da wata. Ku yi amfani da Transférer, shi yana wuce da fayil ɗin yadda yake.

In saƙo ƙarami ne amma ya ƙi tafiya

To ba laifin nauyi ba ne. Saƙo mai kilobait 100 da ya yi minti biyar yana juyawa yana nuna hanya ce ta toshe. A bakin kogi waya kan kama eriyar tsallake, ta bar MTN ko Moov Africa ko Celtiis na Benin ta koma kan layin Nijar kamar Airtel ko Zamani. Za ku gane ta sunan da ya canza a allo ko harafin R kusa da sandunan sabis. In Itinérance des données a kashe take, data ba za ta yi aiki ba sam. In a kunne take, kuɗin kan fi na gida. Ku shiga wurin zaɓen layi ku zaɓi naku da hannu. Ku kuma duba ko wani bidiyo ne ke sauka a ɓoye yana cinye hanyar, ku kashe saukar bidiyo da hotuna ta kai tsaye a saitin WhatsApp.

Aikin aji

1. Wani ya ɗauki magana ta minti 6 a 64 kbps. Kilobait nawa ke nan? Minti nawa zai jira in hanya tana turawa a 32 kbps?

2. Taron minti 20 ne, kuna so kada ya wuce kilobait 2400. A kbps nawa za ku matse shi? Ya faɗa cikin iyakar da magana ke fita?

3. Ku rabu biyu-biyu. Ɗaya ya rubuta farashi goma a takarda ba tare da ya nuna ba, ya haɗa da sha biyu, sha biyar, talatin, tamanin, sittin da saba'in. Ya karanta su a saƙon murya a bakin titi, waya a nesa da baki, sannan ya rubuta wasu goma ya karanta a wuri ɗaya, waya kusa da baki, bayansa ga iska. Abokinsa ya saurara sau ɗaya tak ta sifika, ya rubuta abin da ya ji. Ku ƙirga nawa ya samu daidai a kowane.

Ku zo aji na gaba da takardun nan biyu, da nauyin kowane saƙo kamar yadda wayarku ta nuna shi. Wanda wayarsa ke da rikoda ya duba lambar kbps da take kai, ya rubuto ta ita ma.